Baƙar kunama a kan bulo: ɗan duwu ne ko wata ce daban?

"Assalamu alaikum Malam. Mun tare a sabon gida a Danbare, kuma har yanzu akwai ragowar bulo inci shida a jibge a tsakar gida. Jiya bayan isha'i iyalina ta haska kunama a kan bulo, na ɗauki hotonta daga nesa kafin ta shige, ga shi na turo. Mai gadin layinmu ya ce tunda baƙa ce ai ɗan duwu ne, harbinsa ba ya komai. Ina da yara ƙanana uku. Ta yaya mutum zai gane irin kunama a hoto ba tare da ya taɓa ta ba?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya tsare yaran. Na duba hoton na kuma sake dubawa, wannan dai ba ɗan duwu ba ne. Daga dangin kunamu masu siraran hannu take, kuma dangin ne da duk kunamar da ake tsoro a wannan yanki namu ta fito daga cikinsa. Baba mai gadi ya yi hukunci da launi, alhali launi shi ne shaida mafi rauni a jikin kunama. Bari in nuna maka inda na duba, domin gobe idan wata ta fito ka iya karanta ta da kanka.

Hannu ake fara dubawa

Duk wanda ya ga kunama, idonsa a kan wutsiya yake sauka, don can ƙarin yake. Ni da na shafe shekaru ina bin su da tocila ina ɗaukar hoto, hannu nake fara nema. Abin da nake kira hannu shi ne wannan matsin da ke gaba, wanda take kama ƙwaro da shi. Kashi biyu gare shi: akwai tafin, wato kumburin da ke gindi, sannan akwai yatsu biyu da suka fito daga cikinsa.

Kunamun da za ka iya haɗuwa da su a ƙasar Hausa kusan duk daga gida biyu suke. Gida na farko masana suna kiransa Buthidae. 'Yan wannan gida tafinsu siriri ne, bai cika fin dantsen da ke riƙe da shi kauri sosai ba, yatsun kuma dogaye ne sirara, sun fi tafin tsawo. Idan ka taɓa ganin hantsakin cire ƙaya, to ka ga hannunsu. Gida na biyu shi ne Scorpionidae, gidan su duwu. Nasu tafin faffaɗa ne, kumburarre kamar na ƙaguwa, yatsun gajeru masu kauri, irin bakin awartakin maƙera. Ko daga nesa, ko a hoton da bai fito tas ba, wannan bambanci yana bayyana, saboda siffa ba ta ɓacewa da ƙarancin haske kamar yadda launi ke ɓacewa.

Akwai dalilin da ya sa abin ya kasance haka. Tafin hannun nan cike yake da tsoka. Kunamar da ke da ƙaton tafi da ƙarfi take cin abinci, ta damƙe gyare ko buzuzu ta murƙushe shi, sau da yawa ba ta ma kai ga harbi ba. Wadda hannunta yake kamar hantsaki ba za ta iya murƙushe komai ba, riƙewa kawai take yi, dafi ne ke yi mata aikin. Shi ya sa dafin 'yan gidan Buthidae ya fi ƙarfi, kuma kai tsaye yake taɓa jijiyoyi.

Bayan hannu sai ka koma wutsiya, amma ba ita kaɗai za ka kalla ba. Gwada ta za ka yi da hannun. Wutsiyar kunama gaɓa biyar ce, sannan ƙululun dafi da ƙarin a ƙarshe. Ka zaɓi gaɓa ta uku ko ta huɗu, ka tambayi kanka: ita da tafin hannu wa ya fi faɗi? Idan tafin ya ninka gaɓar sau biyu ko uku, gidan duwu ne. Idan sun yi kunnen doki, ko wutsiyar ta fi, gidan Buthidae ne. Daɗin wannan gwaji shi ne ba ya buƙatar ma'auni, don abubuwa biyun duk a jikin dabba ɗaya suke, a cikin hoto ɗaya.

A nan akwai kuskuren da nake so ka kiyaye. Za ka ji ana cewa mai kaurin wutsiya ita ce mai haɗari, mai siririyar wutsiya ba ta da komai. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma yana iya jawo asarar rai. Akwai wata mai launin ɗorawa da ake kira Leiurus, wadda ake samu a sassan hamada irin su Agadas, da Sudan, da Masar. Wutsiyarta doguwa ce siririya, amma tana cikin mafi munin dafi a duniya. Abin da ke tona ta shi ne hannunta ma siriri ne, har ya fi wutsiyar sirantaka. Don haka siririyar wutsiya ba ta wanke kunama sai idan ta zo tare da ƙaton tafi.

Abin da hotonka ya nuna

Ka yi sa'a ka ɗauke ta daga sama, kuma gefen bulon biyu duk sun fito. Hannunta na dama yana cikin inuwa, na hagu kuwa ya fito sarai. Da na jawo hoton kusa, tafin ya ɗan fi dantsen kauri kaɗan, yatsun kuma sun fi tafin tsawo a fili. Na ɗora yatsana a kan allon waya na auna faɗin tafin, na kai shi kan gaɓa ta uku ta wutsiya, suka zo kusan daidai. Tun daga nan maganar duwu ta faɗi.

Sai batun girma. Ka ce bulon inci shida ne, wato faɗinsa santimita 15. Wutsiyarta a lanƙwashe take a kan bayanta, don haka ba zan iya auna ta a miƙe ba. Abin da na yi shi ne na auna gangar jikin kaɗai, daga gaban kai zuwa inda wutsiya ta soma, ban da hannuwa, don ba a lissafa hannu a tsawon kunama. Gangar ta ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin bulon, santimita 3 ke nan. A wannan dangi wutsiya da ƙarinta sukan fi gangar jiki tsawo da kamar sulusi zuwa rabi, sai na ba ta santimita 4. Jimla wajen santimita 7.

Yanzu a ce ɗan duwu ne mai santimita 7, me za mu gani? Babban duwu, wanda ake kira Pandinus, yana kai santimita 15 zuwa 20, don haka mai santimita 7 yaro ne da bai gama girma ba. Amma ɗan duwu ba ya jira sai ya girma kafin hannunsa ya faɗaɗa. Tun yana ƙarami tafinsa a buɗe yake, ya fi wutsiyarsa nesa ba kusa ba. Bayansa sumul yake yana sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma ƙululun dafinsa fari-fari ne, sai ya manyanta yake rinewa ya koma ja-ja. Taka kuwa ƙululunta ruwan makuba ne kamar sauran wutsiyar, bayanta kuma ba ya sheƙi, kaushi gare shi.

Abu na ƙarshe da na duba shi ne bayan. Da yake iyalinka ta haska tocilar daga gefe, inuwa ta fito da wasu layuka uku masu tudu da suka bi tsawon bayan, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kowane gefe, kamar kunyoyin gona. Kan ma cike yake da ƙananan ƙuraje a jere. Siraran hannu, wutsiya matsakaiciya da ba ta ƙara kauri ta baya, layi uku a baya, launin makuba mai duhu, tsawon santimita 7: wannan siffar Hottentotta ce, kuma ita ce wadda na fi yawan samu a hotunan da mutanen Kano ke turo mini, musamman daga sababbin unguwanni inda gini ke cin gona. Tana son ƙarƙashin bulo, da tarin itace, da tsagar katanga, da ɓawon bishiya. Girmanta yakan tsaya tsakanin santimita 5 da rabi zuwa 8, kuma launinta yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, wata ja-ja, wata ruwan ƙasa, wata kamar baƙa. Da dare a ƙarƙashin hasken tocila, mai duhun cikinsu baƙa ƙirin take fitowa a hoto, kuma nan ne mutane ke ruɗewa.

Harbinta yana da zafi ƙwarai, irin wanda ke hawa daga yatsa har hammata. Babban mutum mai lafiya yawanci a zafin yake tsayawa. Amma yaro ba babba ba ne, dafin da zai watsu a jikin mai kilo 70 ya yi rauni, a jikin mai kilo 12 yana nan da ƙarfinsa. Kuma wannan jinsi yana da 'yar'uwa a Indiya, jar kunamar can, wadda ta yi suna wajen kashe yara. Tamu ba ta kai ta ba, sai dai ba gidan da za a ce wa mai yara uku ya kwantar da hankalinsa ba ne.

Sauran da ya kamata ka san fuskarsu

Wadda na fi so kowane mai gida ya iya ganewa ita ce Androctonus, sunan da a harshen Girka yake nufin mai kashe mutum. Ita wutsiyarta ba ta buƙatar awo, ido kaɗai ya isa. Gaɓoɓin kauri gare su kamar an jera goro, suna ƙara faɗi zuwa ta uku da ta huɗu, kuma saman kowace gaɓa akwai kwari mai zurfi da gefuna masu kaifi. Idan ka gwada da tafin hannu, wutsiyar ce ke rinjaye a fili. Tana kai santimita 8 zuwa 10 ko ɗan fiye. Akwai masu launin rairayi, akwai kuma baƙaƙe wuluk, kuma baƙar ita ce babban dalilin da ya sa nake ƙin jin an ce "baƙa ce, duwu ne". Gidanta busassun wurare ne, arewa da mu, can cikin Nijar da hamada, kuma akwai baƙar a Saudiyya. Amma Kano gari ne da kaya ke shigowa kullum daga arewa, buhunan dabino da kanwa da fatu da dabbobi, kunama kuwa tana iya yin makonni a lungun buhu ba ci ba sha. Wanda ke aiki a sito ko wurin sauke kaya ya fi kowa buƙatar sanin wannan wutsiya.

Masu launin ɗorawa da siraran hannu su ne suka fi wahalar rabewa. Akwai Buthus, akwai Leiurus da na ambata, akwai kuma 'ya'yan Androctonus da wutsiyarsu ba ta gama kauri ba. Leiurus tana da alamu biyu: gaɓa ta biyar ta wutsiya, wadda ke dab da ƙululu, sau da yawa ta fi sauran duhu kamar an tsoma ta a tawada, kuma faranti biyu na farkon bayanta layi biyar gare su maimakon uku. Alamar farko tana dusashewa a jikin tsofaffi, ta biyun kuma sai hoto mai kyau sosai. Ni dai idan hoto ya zo da rawaya mai siraran hannu, ba na ɓata lokacin mai tambaya da neman suna, ina ce masa ya ɗauke ta a matsayin mai haɗari.

Daga ɗaya gidan, ban da duwu akwai wata gajeriya da ake kira Scorpio, santimita 5 zuwa 8, launinta daga rawaya zuwa ruwan ƙasa, tafinta kumburarre kamar ta dunƙule hannu, wutsiyar kuma 'yar siririya. Mai haƙa rami ce, bakin raminta a baje yake kamar tsagar ido, ba zagayayye ba. Ita ce ke nuna cewa kamar yadda baƙi ba ya nufin duwu, rawaya ma ba ta nufin mugun dafi. Shi kuwa babban duwu ya fi son wuri mai laima, shi ya sa aka fi samunsa kudu da mu, inda ruwan sama ya fi yawa. A cikin birnin Kano, inda na fi ganinsa shi ne hannun masu wasa da kunama da masu tallar magani a bakin kasuwa. Saboda girmansa da baƙinsa yake tara jama'a, alhali harbinsa bai cika wuce na rina ba.

Yadda hoto ke yin ƙarya

Na taɓa yanke hukuncin kuskure a kan wani hoto da aka turo mini daga wajen Kumbotso, kuma daga ranar na canza yadda nake dubawa. Kunamar ta ɗaga wutsiya sama, mai hoton kuma ya kawo wayarsa kusa sosai daga bisa. Wutsiyar ta fito ƙatuwa, hannuwan 'yan mitsi-mitsi, na ce masa Androctonus ce. Washegari suka same ta a mace suka sake ɗauka a shimfiɗe, sai ga Hottentotta. Abin da ya faru shi ne kyamarar waya tana kumbura duk abin da ya fi kusa da ita. Idan wayar tana tazarar santimita 10 daga ƙasa, wutsiyar kuma ta tashi santimita 3, to wutsiyar tana santimita 7 daga kyamara, hannun yana 10, sai ta fito kusan ninki ɗaya da rabi na ainihin kaurinta. Idan ka ja baya zuwa rabin mita, wannan santimita 3 ba ta canza komai a zo a gani.

Ka ga ke nan nisa yana yi maka aiki biyu, yana tsare hannunka yana kuma gyara hoton. Ka tsaya kamar kamu ɗaya ko fiye, ka danna 2x idan wayarka tana da shi, ka riƙe ta a kwance daidai saman kunamar. Kunama ba ta tsalle, ba ta kuma bin mutum, gudunta na neman maɓoya ne, amma tana da sauri a ɗan gajeren zango, don haka ka sa takalmi rufaffe, ba silifa ba, kuma ka san inda ƙafarka take kafin ka sa ido a allon waya. A kwashe yara daga wurin tukuna.

Haske ma yana da nasa. Fitilar kyamara idan ta daki kunama kai tsaye tana wanke launi, ta shafe layukan baya. Abin da iyalinka ta yi shi ne daidai: mutum ɗaya ya riƙe tocila daga gefe, ƙasa-ƙasa, ɗaya ya ɗauka. Tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana da amfani ƙwarai wajen nemo kunama, domin fatarta tana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashinta, ka hango ta daga nesa a cikin duhu. Sai dai duk kunamu iri ɗaya suke ƙyallin, baƙa da rawaya, don haka ka nemo da ita, ka ɗauki hoto da farar tocila. Wadda kuma ta yi saɓa kwanan nan, fatarta ba ta gama tauri ba, ba ta ƙyalli sosai, kuma launinta fari-fari yake, wani abin da ke ƙara rage darajar launi a matsayin shaida.

Idan tana tafiya, kada ka tsaya neman hoto, ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma, daga baya a tsayar a zaɓi inda hannu da wutsiya suka fito tare. Idan ta tsaya cak, hoto biyu nake so: ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, kana tsugune daga nesa, domin daga gefe ne ake ganin zurfin gaɓoɓin wutsiya da siffar ƙululu. Wasu ƙananan 'yan gidan Buthidae suna da wata 'yar ƙaya a ƙarƙashin ƙarin, kamar ƙari biyu, kuma daga gefe kaɗai take fitowa. Wajen turowa ta WhatsApp, ka zaɓi Document maimakon hoto, don idan ka tura a matsayin hoto yana matse shi, ƙurajen kai da layukan baya su narke.

Ma'auni kuwa, kada ka miƙa hannu ka ajiye wani abu kusa da ita. Ka bar abin da ke wurin ya yi maka aiki, bulo ne, tayil ne, murfin bokiti ne. Idan babu, bayan ta tafi ka ajiye katin ATM a daidai inda ta tsaya, ka sake ɗauka daga inda ka tsaya da farko. Tsawon katin santimita 8 da rabi ne, kowane banki iri ɗaya. Kuma ka sani girma shi kaɗai ba ya raba dangi, don kunama tana yin saɓa sau biyar zuwa bakwai kafin ta kai girmanta, ƙarama tana iya zama 'yar babba. Ciki ma yana ruɗi: wadda ta ƙoshi ko mai ciki takan kumbura har farantan bayanta su rabu, farar fata ta bayyana a tsakani, sai gangar ta yi tsawo fiye da ƙima. Inda girma ke yanke magana shi ne a can sama. Duk kunamar da ta haura santimita 13 a wannan yanki, kuma ga faffaɗan tafi, duwu ne.

Iyakar abin da hoto zai ba ka

Hoto mai kyau yana kai ni ga gida kusan kullum, yana kai ni ga jinsi sau da yawa, amma ba ya cika kai ni ga ainihin iri ba. Abubuwan da masana ke rabe iri da iri da su suna ƙarƙashin ciki ne ko kuma sun yi ƙanƙanta. Akwai wani ɗan faranti tsakanin ƙafafu, wanda a gidan Buthidae yake da kusurwa uku, a gidan duwu kuma biyar. Akwai wasu gaɓoɓi biyu masu kama da mataji da ake ƙirga haƙoransu. Akwai jerin ƙananan haƙora a cikin yatsu. Duk waɗannan sai an kifar da ita ko an sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma ban yarda kowa ya kifar da kunama mai rai don ya turo mini hoto ba. Ko wadda aka buga da takalmi, a juya ta da dogon tsinke, don wadda ake zaton ta mutu tana iya kai harbi. Saboda haka game da taka, gidan na tabbatar, jinsin ina da ƙarfin zato a kansa, a nan kuma na tsaya.

Wannan ƙa'ida ta hannu da wutsiya ma ta yankinmu ce. A Iran da Iraƙi akwai wata mai siririyar wutsiya da ɗan faffaɗan hannu, Hemiscorpius, wadda harbinta ba ya zafi sosai da farko amma yana ruɓar da nama yana lalata ƙoda. Wanda tafiya ta kai shi can kada ya ɗauki ma'aunin Kano ya tafi da shi.

Idan, Allah ya kiyaye, ta harbi yaro, hoto ba shi ne abin farko ba. Wani ya ɗauka idan da hali, amma kada a jira amsata ko ta kowa. A wanke wurin, a sa tsumma mai sanyi, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, kada a tsotsa. Yaro ƙarami a kai shi asibiti ko da kuka kawai yake yi, domin alamun da ke nuna dafi ya shiga jiki sukan bayyana ne a cikin awannin farko: gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, rawar jiki, numfashi da ƙyar, ko yaro ya kasa zama wuri ɗaya. Likita yanayin yaron zai bi wajen magani, hoton ƙarin bayani ne kawai.

Ita kuma wadda ta shige cikin bulonka tana nan, kuma da wuya a ce ita kaɗai ce. A kwashe bulon da rana, ba da dare ba, a riƙa ture kowanne da shebur ko sanda a ga ƙarƙashinsa da cikin ramukansa kafin a sa hannu, mai ɗauka kuma ya sa safar hannu mai kauri. A mayar da su can nesa da inda ake shimfiɗa tabarma, musamman lokacin da zafi ke fitar da mutane kwana a tsakar gida. Takalman makarantar yara a daina barinsu a ƙofar ɗaki, a kuma koya musu kakkaɓewa kafin su zura ƙafa. Shi kuma Baba mai gadi, ka nuna masa hoton a jawo kusa, ka nuna masa hannun, domin shi ne ke zaune a kan bulo cikin duhu har asuba.